Yadda ake tantance ko "-ing" ko "to" ya dace bayan enjoy, want da suggest

A Hausa, ko ka ce "ina son tafiya" ko ka ce "ina so in tafi", ba wanda zai ɗaga ido ya dube ka, duka biyun daidai ne. Wannan sauƙin da harshenmu ya ba mu shi ne yake jefa da yawanmu cikin kuskure idan muka zo rubuta Turanci. A can, idan aikatau biyu suka biyo juna, na farkon ne yake yanke hukuncin sigar da na biyun zai ɗauka. Wani ba ya yarda sai da sigar da ta ƙare da *-ing*, wadda littattafan makaranta suke kira *gerund*. Wani kuma ba ya yarda sai da *to* a gaban aikatau, wato *infinitive*. Saboda haka *I enjoy reading* daidai ne, *I enjoy to read* kuskure ne. *I want to read* daidai ne, *I want reading* kuskure ne. Ma'anar abin da kake son faɗa ba ta isa ta raba maka gardama ba, sai ka san halin aikatau na farko.

Abin da nake so ka samu a nan shi ne hanyar da za ka bi ka duba rubutunka da kanka, kafin malami ko mai ɗaukar aiki ya duba maka. Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Na tsara shi ne a kan irin wasiƙar neman aikin koyarwa da masu kammala NCE suke rubutawa:

*I enjoy to teach children and I want joining your school. My uncle suggested me to apply. I stopped to work at my former school in June because we moved to Zaria. I look forward to hear from you.*

Duk wanda ya karanta zai gane abin da mai wasiƙar yake nufi, sai dai kurakurai 5 ne a cikin jimloli 4, kuma dukkansu ƴan gida ɗaya ne.

Mataki na farko: ka ja layi a ƙarƙashin aikatau na farko

Ka karanta rubutunka a hankali. Duk inda ka ga aikatau biyu sun haɗu, ka ja layi a ƙarƙashin na farkon. Yawancin ɗalibai na biyun suke zura wa ido, suna ta juya *teaching* da *to teach* a baki don su ji wanne ya fi daɗi. Kunne kuwa abin da ya saba ji yake bi, idan kuma kuskure ya saba ji, kuskuren ne zai yi masa daɗi. A wasiƙarmu layi zai hau kan *enjoy*, *want*, *suggested*, *stopped* da *look forward to*.

Mataki na biyu: ka duba ko wannan "to" ɗin irin wanda kake zato ne

Na sa wannan da wuri domin shi kaɗai ne matakin da yake da doka wadda ba ta cika saɓa alkawari ba. Duk aikatau da ya biyo bayan ƙananan kalmomin nan irin su *in, on, at, of, about, for, without, before, after*, *-ing* zai ɗauka: *interested in learning*, *tired of waiting*, *left without paying*, *insisted on going*.

Matsalar ita ce *to* iri biyu ne. Akwai wanda yake manne da aikatau, kamar a *want to go*. Akwai kuma wanda yake ɗan gidan su *in* da *on* ne, kamar a *go to Kano*. Idan irin na biyun ne, dole abin da ya biyo shi ya zama suna ko *-ing*. Ga gwajin da za ka yi: cire aikatau ɗin da ke bayan *to*, ka sa suna ko *it* a gurbinsa. *I look forward to your reply* ya zauna daram. Tunda suna ya iya zama a wurin, aikatau ma sai ya zo a sigar suna: *I look forward to hearing from you*. Yanzu gwada da *want*. *I want to your reply* bai zauna ba sam, don haka *to* ɗinsa na aikatau ne, kuma *want to hear* ne daidai.

Wannan gwajin zai fishe ka a wurare da dama: *object to paying*, *with a view to improving*, *committed to helping*. Zai kuma raba maka tagwayen da suke rikita mutane. *I used to wake early* na nufin a da nakan tashi da wuri, yanzu na daina. *I am used to waking early* na nufin na saba tashi da wuri. A na biyun za ka iya cewa *I am used to the cold*, ka ga suna ya zauna, shi ya sa *-ing* ta shigo.

Sai dai ka kula, gwajin na *to* ne kawai. Kada ka ce tunda *want* yana karɓar suna a *I want tea*, zai karɓi *-ing* ma. Ba haka abin yake ba.

Mataki na uku: ka san gidan da aikatau ya fito

Yanzu sai *enjoy* da *want*. Masu tafiya irin ta *enjoy*, waɗanda *-ing* kawai suke karɓa, sun haɗa da *avoid, finish, mind, deny, keep, practise, consider, risk, miss, postpone, give up*. Masu tafiya irin ta *want*, waɗanda *to* suke karɓa, sun haɗa da *decide, hope, refuse, promise, agree, plan, offer, manage, fail, afford, pretend*.

Akwai ɗan haske da yake rage nauyin hadda. Masanin harshe ɗan Amurka, Dwight Bolinger, ya nuna a 1968 cewa *to* yakan karkata ga abin da bai faru ba tukuna, abin da ake fata ko ake niyya, ita kuwa *-ing* takan karkata ga abin da ya riga ya tabbata ko ake cikinsa. Duba ka gani. Abin da kake so, ko kake fata, ko ka yi alkawarinsa, yana gaba. Abin da kake jin daɗinsa, ko ka gama, ko kake musun ka aikata, ya riga ya auku ko yana aukuwa. Mai wasiƙarmu yana jin daɗin koyarwa domin ya riga ya ɗanɗana ta, sai ya rubuta *I enjoy teaching*. Shiga makarantar kuwa har yanzu buri ne, sai ya rubuta *I want to join*.

Ina son wannan bayanin, amma ba na so ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. *Avoid, consider, risk* da *suggest* duka maganar abin da bai faru ba suke yi, amma *-ing* suke karɓa. *Manage* kuma maganar abin da ya riga ya tabbata yake yi, *he managed to pass*, amma *to* ya karɓa. Ka yi amfani da shi wajen tunawa, idan kuma shakka ta zo ka koma ƙamus.

Yadda ake duba ƙamus ɗin ma sai an koya. Yawancinmu ma'ana kawai muke karantawa mu rufe. A ƙamus ɗin masu koyo, irin *Oxford Advanced Learner's Dictionary* da ake samu a makarantunmu, ana rubuta tsarin da kowane aikatau yake bi kafin misalai. A ƙarƙashin *enjoy* za ka ga *enjoy doing something*. A ƙarƙashin *want* za ka ga *want to do something* da *want somebody to do something*. Wannan *doing* da *to do* su ne amsar da kake nema. Idan tsarin da ka rubuta ba ya cikin jerin, kada ka yarda da shi sai ka sake bincike.

Mataki na huɗu: idan mutum ya shiga tsakani

A nan zan daɗe, domin a nan ne Bahaushe ya fi yin tuntuɓe, kuma yana da dalili. Dubi waɗannan jimlolin biyu: "Ina so ka zo." "Na ba da shawara ka zo." A Hausa gininsu ɗaya ne, kowace ta ƙare da "ka zo". A Turanci kuwa hanyoyinsu sun rabu:

*I want you to come.*
*I suggest that you come.*

Wanda ya koyi ta farko yakan ɗauke ta ya liƙa wa *suggest*, sai ya rubuta *I suggest you to come*. Wanda ya koyi ta biyu kuma yakan rubuta *I want that you come*. Duka biyun kuskure ne. *Want* ba ya tafiya da *that* a irin wannan ginin, *suggest* kuma ba ya tafiya da *to* na aikatau ko da mutum a tsakani ko babu.

Hanyoyi biyu ne a buɗe ga *suggest*. Idan ba ka ambaci wanda zai yi aikin ba, sai *-ing*: *He suggested taking the night bus*. Irin wannan sau da yawa tana nuna cewa shi ma mai shawarar yana cikin tafiyar, ko kuma shawara ce ga kowa da kowa. Idan kuwa kana son ka ambaci mai yin aikin, sai ka buɗe sabon sashe da *that*: *He suggested that we take the night bus*. Ana iya barin *that* ɗin a ce *He suggested we take the night bus*. Ka lura cewa *we* ne, ba *us* ba. Wannan ita ce alamar da za ka riƙa ganewa da ita: idan ka ga *me, him, her, us, them* sun biyo *suggest* kai tsaye, sannan *to* da aikatau suka biyo su, akwai matsala.

Wani abin da yake sa ɗalibai su goge amsar da take daidai shi ne ganin *I suggest that he go*, ba tare da *-es* ba. Daidai ne. Wannan *go* ɗin aikin da "ya tafi" take yi a "na ba da shawara ya tafi" shi yake yi, ba labari ake bayarwa ba, abin da ake so a yi ake faɗa. Amurkawa wannan sigar suka fi riƙewa. Turawan Birtaniya sukan ce *that he should go*, a hira kuma har *that he goes* sukan ce. A rubutun jarrabawa ko wasiƙar ofis, ka riƙe *should go* ko *go*, ba za ka ji kunya ba.

To ina *to* ɗin da ake gani a *He suggested to me that I should apply*? Wannan ɗan gidan su *in* da *on* ne, mutumin da aka yi wa magana yake nunawa. Ka ga *me* ne ya biyo shi, ba aikatau ba.

Saboda haka jimlar kawu tana da gyara biyu. Ko dai *My uncle suggested that I should apply*, ko kuma, idan kana son riƙe *me to apply*, ka sauya aikatau ɗin gaba ɗaya: *My uncle advised me to apply*. *Advise* yana karɓar mutum da *to*, haka ma *tell, ask, encourage, allow, persuade, remind*. Ni gyara na biyun na fi so a wasiƙa, ya fi gajarta. Ƙaramin abin lura game da *advise* da *allow*: idan aka cire mutumin, sai su koma *-ing*. *They allow students to park here*, amma *They do not allow parking here*.

*Make* da *let* kuma nasu halin daban. Suna karɓar mutum, amma ba sa son *to*: *She made me laugh*, *Let him go*. A Turancin da ake ji a titi a Najeriya, ana yawan juya abin, a sa *to* inda ba a so, *made me to laugh*, a cire shi inda ake so, *allow him go*, *to enable me attend*. Na ƙarshen nan ya cika takardun neman izini a ofisoshi, har ido ya saba da shi. A Turancin da ake gwadawa a jarrabawa, *to enable me to attend* ake so.

Mataki na biyar: idan duka biyun sun halatta, ka tambayi kanka me kake nufi

*Start, begin* da *continue* ba su da rigima. *It started raining* da *It started to rain* ma'anarsu ɗaya. *Like, love, hate* da *prefer* ma suna karɓar duka biyun, sai dai da zarar *would* ya shigo, *to* ne kawai: *I would like to see the principal*.

Masu haɗarin su ne *stop, remember, forget, try* da *regret*. A nan jimlar ba za ta yi kama da kuskure ba, nahawunta lafiya lau, amma za ta faɗi abin da ba ka yi niyya ba. *He stopped smoking* na nufin ya daina shan taba. *He stopped to smoke* na nufin ya dakata da abin da yake yi domin ya sha taba. Direban da ya tashi daga Kano zuwa Kaduna, idan aka ce *he stopped to pray at Zaria*, ya tsaya ya yi salla ke nan. Idan aka ce *he stopped praying*, an ce ya bar salla, ka ga ai magana ta yi nauyi. Mai wasiƙarmu ya rubuta *I stopped to work at my former school*, wato ya tsaya domin ya yi aiki a can, alhali cewa yake son yi ya bar aikin. Gyaran shi ne *I stopped working*.

Ga *remember* da *forget*, tambaya ɗaya ce: wanne ya riga faruwa, tunawar ko aikin? *I remembered to lock the shop*: na tuna, sannan na kulle, tunawa ce ta riga. *I remember locking the shop*: na kulle, yanzu kuma ina tuna lokacin da na yi, aiki ne ya riga. *Regret* ma haka yake. *We regret to inform you* shi ne abin da ake buɗe wasiƙar labari marar daɗi da shi, ba a kai ga faɗa ba tukuna. *I regret telling him* kuwa an riga an faɗa, nadama ce ta biyo baya.

*Try* ba maganar lokaci yake yi ba. *I tried to start the generator* na nufin na yi ƙoƙari, abin yana ba da wuya, mai yiwuwa ma bai tashi ba. *Try changing the plug* na nufin gwada sauya fulogi mu ga ko zai yi. Sauya fulogin ba shi ne mai wuya ba, dabara ce ake jarrabawa.

Bayan wannan duka, ga yadda wasiƙar ta koma:

*I enjoy teaching children and I want to join your school. My uncle advised me to apply. I stopped working at my former school in June because we moved to Zaria. I look forward to hearing from you.*

Kafin ka aje biro, ka sake bin rubutun don ƙananan abubuwa guda uku. Idan korewa kake yi, *not* yana zuwa ne kafin sigar gaba ɗaya: *decided not to go*, *suggested not going*. Idan ka jero ayyuka biyu bayan aikatau ɗaya, su zo iri ɗaya: *I enjoy reading and writing*, kada ka fara da *reading* ka ƙare da *to write*. Sai kuma rubutun *-ing* ɗin kansa. *Stop* da *begin* suna ninka baƙin ƙarshe, *stopping, beginning*. *Write* kuwa yar da *e* yake yi kawai, *writing* da *t* ɗaya, duk da cewa mai *t* biyu ya cika littattafan ɗalibai.

A jarrabawar WAEC, NECO da JAMB, wannan batu yakan zo a tambayoyin cike gurbi. Ɗauki irin wannan: *The chairman suggested ___ the meeting till Monday*, a ba ka *to postpone*, *postponing*, *us to postpone*, *postpone*. Bi matakan a jere. Aikatau na farko *suggested* ne. Babu ƙaramar kalma irin su *on* ko *of* a tsakani. Duk zaɓin da yake ɗauke da *to* na aikatau ya faɗi, biyu sun tafi ke nan. *Postpone* tsirara ba ya zama sai da *that we* ko *we* a gabansa, kuma babu su a jimlar. *Postponing* ne ya rage.

Wajen hadda kuwa, ba na ganin amfanin haddace dogon jeri na kalmomi tsirara. Kwana kaɗan za su cakuɗe maka, ka rasa ko *deny* a wane gefe yake. Ka haddace kowanne tare da jelarsa, cikin jimlar da ta shafi rayuwarka: *I enjoy watching Kano Pillars*, *I want to study nursing*, *I avoid travelling at night*, *My mother suggested selling the goat*. Ka ware shafi biyu a bayan littafinka, ɗaya na *doing*, ɗaya na *to do*. Duk lokacin da ka ci karo da sabon aikatau a jarida ko a littafin karatu, ka kwafe shi da jimlarsa gaba ɗaya, ka sa a shafin da ya dace. Ka fara da guda 10 a kowane shafi, ka riƙa karanta su da ƙarfi, domin kunnen da ya saba da *suggested me to* sai ya ji *suggested that I* sau da yawa kafin ya saki na farkon. Idan kuma ka haɗu da wanda ya ƙi zama a shafi ɗaya, irin su *stop* da *remember*, ka buɗe masa shafi na uku, ka rubuta jimlolinsa biyu a jere, kowace da ma'anarta da Hausa a ƙarƙashinta.